Idan Aboki Ya Nemi Ka Turo Masa Lamba Shida A WhatsApp

Saƙon ɗan damfara da ya fi wuyar ganewa shi ne wanda ya zo daga lambar abokinka, da hotonsa, a ƙarƙashin tsohuwar hirarku. A ɗauka wani ɗan kasuwa ne a Tambuwal, sai abokin cinikinsa na Kebbe ya rubuto masa cewa an turo wasu lambobi shida zuwa wayarsa bisa kuskure, ya taimaka ya mayar masa da su.

Babu kuskuren da aka yi. Wanda ya ƙwace asusun abokin ne ya shigar da lambar ɗan kasuwar a wata wayar, WhatsApp kuma ya aiko da lambar tabbatarwa ta tes zuwa ga mai layin. Da zarar ya miƙa ta, sai a fitar da shi daga asusunsa, shi ma a fara roƙo da sunansa.

Sai dai ɓarawon yana da rauni. Yana ganin rukunonin da abokinka yake ciki da lambobin mutanensu, amma tsofaffin hirarraki ba sa bin sa zuwa sabuwar wayar. Saboda haka bai san laƙabin da kuke kiran juna da shi ba, bai san cinikin da kuka yi makon jiya ba. Mutumin da ya saba farawa da sallama da tambayar iyali, ko wanda kullum murya yake turowa da Sakkwatancinsa, sai ka ga ya koma gajeren rubutu da Turanci, yana gaggawa. Ka tambaye shi buhu nawa ya saya a wurinka na ƙarshe, za ka ga ya kauce.

Idan kuɗi ya nema, misali Naira 20,000, ka duba sunan da manhajar banki ke nunawa kafin ka tura. Baƙon suna, tare da uzurin cewa na mai POS ne, ya isa ka dakata. Haka ma katin waya da aka ce a loda wa wani layin daban.

Gwajin da ya fi ƙarfi shi ne kira ta layin waya, ba ta WhatsApp ba, domin galibi layin yana nan a hannun mai shi. Ɓarawon zai ce babu sabis, uzurin da ke shiga kunne ga wanda ya san ƙauyukan yankin. To, a kira ɗan'uwansa ko maƙwabcinsa.

Wanda aka ƙwace wa asusu ya sake rajista da lambarsa nan take. Shigar da sabuwar lambar tabbatarwa yana korar ɓarawon. Idan ɓarawon ya riga ya sa nasa makullin na "Two-step verification", sai mai asusun ya jira kwana 7 kafin ya shiga, amma shi ma ɓarawon yana waje. A wannan tsakanin ya sanar da rukunoninsa ta bakin wani.