Zaɓen Bunsurun Iri da Matsalar Barbarar Dangi a Ƙaramin Garke

1.0 Gabatarwa

A yawancin gidajen Hausawa, garken awaki ba ya wuce kai biyar zuwa goma, kuma galibi mallakar matan gida ne. Idan mai irin wannan garke ta tashi sayen akuya takan tsaya ta duba da kyau, amma ba kasafai ake ba bunsuru irin wannan kulawa ba, duk wanda ya samu shi ne. Alhali kuwa akuya ɗaya 'ya'yanta kaɗai take bai wa halinta, shi kuwa bunsuru rabin gadon kowane ɗan akuya da aka haifa a gidan daga wurinsa ya fito. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake zaɓen bunsurun iri, da kuma yadda ake lissafin lokacin da ya kamata ya bar garke. An ɗauki jar akuyar Sakkwato, wadda ake kira ta Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, a matsayin misali.

Akwai buƙatar a daidaita kalmomi tun da wuri. Hausa ta bambanta bunsuru, watau namijin da ke barbara, da taure, wanda aka fiɗiye. A nan za a yi amfani da "bunsurun iri" ga wanda aka ware musamman don barbara, da kuma "barbarar dangi" ga haɗuwar namiji da tamata waɗanda suka haɗa uwa, ko uba, ko kaka na kusa.

2.0 Abin da ake dubawa a jikin bunsuru

Abu na farko shi ne shekaru, kuma a baki ake karanta su. Akuya tana da haƙoran gaba guda takwas a muƙamuƙin ƙasa kawai, na sama dasashi ne mai tauri. Tana fara famfara da biyun tsakiya idan ta shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, sai manyan haƙora biyu su maye gurbinsu. Daga nan takan ƙara bibbiyu, har su cika takwas wajen shekara huɗu. Bunsuru mai manyan haƙora biyu shi ya fi dacewa a saya, domin girmansa ya riga ya bayyana, kuma yana da sauran shekarun aiki a gaba. Yayin da aka buɗe bakin, sai a lura ko haƙoran sun sauka daidai a kan dasashin sama. Idan muƙamuƙin ƙasa ya zarce ko ya gaza, dabbar ba ta tsinkar ciyawa sosai, kuma wannan aibi ne da ake gada.

Abu na biyu shi ne maraina, kuma ba a wadatuwa da kallo, sai an taɓa. Ana son a ji 'ya'ya biyu, girmansu ɗaya, masu ɗan tauri, suna motsi a cikin jakarsu. Bunsurun da ɗaya kawai ya sauko masa yana iya ba da ciki, wannan ne ma ya sa ake ruɗuwa da shi, amma yakan gadar da aibin ga 'ya'yansa maza. Kumburi ko zafi a wurin kuwa yana iya zama alamar ciwon bakkale, wanda ke sa awaki ɓari, kuma yana kama mutane ta hanyar ɗanyar madara da taɓa mahaifa.

Abu na uku shi ne ƙafafu. Nauyin bunsuru duka a kan ƙafafun baya yake komawa lokacin barbara, saboda haka sai a sa a ja shi ya yi tafiya a gaban mai saye, a duba ɗingishi, da kumburin gwiwa, da karkacewar kofato. Sai kuma ƙaho. Idan aka haɗa namiji da tamata waɗanda duk aka haife su babu ƙaho, akan sami mata-maza a cikin 'ya'yansu, waɗanda ba sa haihuwa. Mai ƙaho ya fi aminci.

3.0 Abin da ba a gani a jikinsa

Bunsuru ba ya ba da nono, amma yana ɗauke da gadon nonon uwarsa, kuma 'ya'yansa mata ne za su bayyana shi. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Saboda haka mai neman iri ya kamata ya ga uwar: yaya hantsarta take, shin nonuwa biyu ne masu kyau, sau nawa ta haihu, kuma 'ya'ya nawa ta yaye da rai? Tambaya ta ƙarshe ta fi ta yawan tagwaye nauyi. Haihuwar tagwaye ta fi dogara ga ƙoshin uwa da shekarunta fiye da gado, amma saurin girma yana bin jini sosai. Wannan shi ne dalilin da ya sa sayen bunsurun iri a gidan da aka sani ya fi sayensa a kasuwa, inda dillali bai san uwar ba.

Haka kuma, ba a gwada girman dabbobi sai tsara da tsara. Ɗan akuyar da aka haifa shi kaɗai da kaka, ya sha nono ya ƙoshi, ga harawa da dusa, dole ya ɗara ɗan tagwayen da aka haifa da bazara, ko da kuwa na biyun ya fi shi kyan iri. Abinci ne ya bambanta su, kuma ba a gadon abinci.

A nan ne wani kuskure da ya zama ruwan dare yake shigowa. Idan buƙatar kuɗi ta taso, ko suna, ko Salla, wanda ya fi girma ake kamawa a kai kasuwa, domin shi ke da tsada. Ƙanƙanen da ba wanda ya taya shi ke saura a gida, shi ne kuma zai zama uban garke. Idan aka yi shekaru ana haka, an yi zaɓe ke nan, amma na koma-baya.

4.0 Barbarar dangi da lissafinta

Kowace dabba tana karɓar ƙwayoyin gado bibbiyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Akwai ƙwayoyi masu lahani waɗanda ba sa bayyana muddin abokiyar zamansu lafiyayya ce. Idan uwa da uba dangi ne, sai ya zama mai yiwuwa ƙwarai ƙwaya guda mai lahani, wadda ta fito daga kaka ɗaya, ta riski ɗan ta ɓangarorin biyu. A shekarar 1922 masanin nan Sewall Wright ya fito da ma'aunin wannan al'amari. Ana ƙirga dabbobin da ke kan hanyar da ta haɗa uwa da uba ta wajen kakan da suka haɗa, har da su kansu. Idan adadin shi ne n, ma'aunin shi ne (1/2)^n, idan kuma hanyoyin sun fi ɗaya sai a tara su.

Bisa wannan lissafi, uba da 'yarsa suna ba da kashi 25 cikin ɗari. 'Yan uwa ɗaya uba ɗaya ma kashi 25 ne, domin hanyoyi biyu ne suka haɗa su. 'Yan uba kuwa kashi 12.5 ne.

Alal misali, a ɗauki wata mata mai awaki takwas, wadda ta sayi bunsuru a watan Janairu, ya yi barbara a cikin watan. Cikin akuya kwana 150 ne ko kusa da haka, don haka za a haihu a watan Yuni. 'Yan matan da aka haifa suna iya ɗaukar ciki tun suna da wata bakwai ko takwas, watau wajen Janairu ko Fabrairu mai zuwa. Idan bunsurun yana nan, shi zai hau su, kuma jikokin za su zo da kashi 25. Idan ya ƙara shekara guda ya hau waɗannan jikokin, hanyoyi biyu ne: ɗaya ta ba da 1/4, ɗaya ta ba da 1/8, jimla kashi 37.5. Duk wannan a cikin shekara biyu da rabi kacal. Akwai kuma wata kafa da ba a cika lura da ita ba: 'yan bunsuran da aka haifa a watan Yuni suna iya fara barbara tun suna da wata huɗu ko biyar, a kan uwayensu da 'yan uwansu.

Illar ba ta zuwa da hayaniya. Abin da ake gani shi ne 'ya'ya suna zuwa ƙanana, suna jinkirin tashi su kama nono, mace-mace kafin yaye ya ƙaru, tazarar haihuwa ta tsawaita. Sai dai yunwa da tsutsar ciki ma suna kawo irin waɗannan alamu. Hanyar rarrabewa ita ce a fara duba cikin fatar ido, idan ya yi fari a ba da maganin tsutsa, a kyautata abinci. Idan 'ya'yan tsofaffin awakin da ba su da alaƙa da bunsurun suna lafiya, amma na 'ya'yansa ne ke lalacewa, alhali turke ɗaya suke ci, to jini ne.

5.0 Hanyoyin kauce wa matsalar

Daga lissafin da ya gabata, ƙa'ida ta fito fili: bunsuru ba zai wuce shekara ɗaya a ƙaramin garke ba, sai fa in za a iya raba shi da 'ya'yansa mata. Na biyu, duk ɗan bunsurun da ba a zaɓa don iri ba a fiɗiye shi kafin ya cika wata uku. Ba asara a ciki, domin taure ya fi yin ƙiba, kuma namansa ba ya wari.

Sayen sabon bunsuru kowace shekara yana da nauyi ga mai awaki takwas, kuma ɓarna ce, tun da baligin bunsuru ɗaya yana isar awaki 20 zuwa 30. Mafita ita ce karɓa-karɓa. Gidaje huɗu su sayi bunsurai huɗu waɗanda ba dangin juna ba, kowace shekara kowane ɗaya ya matsa gida na gaba. Kafin zagayen ya cika, shekara huɗu sun wuce, lokacin sayar da su ya yi. A nan ma akwai tarko: idan aka ɗauki ɗan ɗaya daga cikinsu ya maye gurbi, zai tarar da 'yan ubansa a duk gidan da uban ya zauna, watau an koma kashi 12.5. Saboda haka masu maye gurbi su fito daga wani gari. Baƙon bunsuru kuma a ɗaure shi daban har mako uku ko huɗu kafin ya shiga garke, a ga ko zai nuna majina, ko zawo, ko tari.

Matsalar ta fi tsanani a inda awaki ke kulle a cikin gida duk shekara, kamar a manyan birane da unguwannin Hausawa na kudancin ƙasar nan, inda jajayen awaki ba su da yawa. A karkara, sakin dabbobi da rani yana gauraya jini, amma yana kuma hana zaɓe, sai fa idan unguwa duka ta yarda ta fiɗiye na banza.

Ga mai shanu ƙa'idar ɗaya ce, lissafin ne ya bambanta. Cikin saniya wata tara ne, kuma karsanar Bunaji ba ta cika ɗaukar ciki ba sai ta kai wajen shekara uku a kiwon gargajiya. Ke nan bijimi yana iya yin kimanin shekara uku kafin a canza shi.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa zaɓen bunsurun iri ya rataya ne a kan abu uku: abin da hannu da ido suka tabbatar a jikinsa, da tarihin uwarsa, da kuma nisan jininsa daga awakin da zai hau. Na ukun ba ya ɗorewa, domin bunsurun da ya shigo yana bare yakan zama uban rabin garke kafin shekara ta zagayo. Saboda haka ranar da aka sayo shi ya kamata a rubuta watan da zai tafi.