Nawa Injin Ban Ruwa Zai Tsaya Maka Kafin Ya Iso Dambatta?

Tun da waya ta shiga hannun kowa, ba wuya ka tarar da matashi a Dambatta, Bichi ko Minjibir yana nuna wa manoma hoton injin ban ruwa a shafin wani kamfanin ƙasar Sin, da farashinsa na dala a ƙasa. Nan take sai a buga dalar da canjin ranar, a kwatanta da abin da ake sayar da irinsa a kasuwar Sabon Gari, a yanke hukunci cewa 'yan kasuwar Kano sun cika cin riba. Daga nan zancen haɗa kuɗi ke tashi, musamman tsakanin masu noman rani a kewayen madatsun Tomas da Watari, inda gonaki ƙanana ne kuma ba mai iya yin oda shi kaɗai. Niyyar ba ta da laifi. Kuskuren yana cikin lissafin, domin farashin da ke kan waya kuɗin kaya ne a can inda aka ƙera su. Adadin da ya kamata a ɗora a ma'auni shi ne abin da inji ɗaya mai aiki zai ci kafin a sauke shi a ƙofar gida, a lokacin da ake bukatarsa. Wannan adadi ana iya fitar da shi tun kafin kwabo ya bar aljihu.

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Alkaluman kuɗin na misali ne, amma tsarin lissafin shi ne wanda ake bi. Ƙungiyar manoma tana son inji 100 mai inci uku, kamfani ya ce dala 60 kowanne, jimla dala 6,000. Tambayar farko ita ce: wannan kuɗin ya kai kayan ina? Idan takardar farashi ta ce EXW, a ƙofar masana'anta ke nan, ɗaukar kayan zuwa bakin teku da takardun fitar da su daga Sin duk suna wuyan mai saye. Idan ta ce FOB, mai sayarwa zai ɗora su a jirgin ruwa, daga nan hannunsa ya fita. Mu ce FOB ne. Sai kuɗin jirgi. Inji 100 ba za su cika kwantena ba, don haka za a haɗa su da kayan wasu, a caji gwargwadon wurin da suka ci. Kwalin da tsawonsa santimita 50 ne, faɗinsa 40, tsayinsa 45, yana cin 0.09 na abin da masu kago ke kira CBM, wato 100 sun ci 9. Idan kowane ɗaya dala 100 ne, jirgi ya ci dala 900. A ƙara inshora ta dala 100, sai a samu dala 7,000. Wannan jimlar ta kaya da jirgi da inshora ita ce CIF, kuma a kanta Kwastan ke ɗora kuɗin fito, ba a kan dala 6,000 ɗin farko ba. Ma'ana, duk ƙarin da aka yi wa kuɗin jirgi sau biyu ake biyansa: a biya mai jirgi, a kuma biya haraji a kansa. Idan canjin Kwastan naira 1,500 ne, kayan sun zama na naira miliyan 10 da dubu 500 tun ba su taɓa ƙasar Apapa ba.

A nan ne mafi yawan masu ƙiyasi ke zamewa, domin sun ɗauka kuɗin fito abu ɗaya ne. Nijeriya tana bin jadawalin haraji na bai ɗaya na ECOWAS tun 2015, mai matakai biyar: sifili, kashi 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Lambar da aka ba kaya a jadawalin ita ke nuna matakin da suka faɗa, kuma injinan tura ruwa suna ƙarƙashin 8413. Mu ɗauka namu sun faɗa kashi 5, naira 525,000 ke nan. A tsarin da aka daɗe ana bi, akwai ƙarin kashi 7 na shi kansa kuɗin fiton, wato 36,750, da rabin kashi ɗaya na CIF da ake karɓa da sunan ECOWAS, 52,500, da kashi ɗaya na FOB na duba kaya, 90,000. Sai a tattara waɗannan duka a ɗora kan CIF, sannan a lissafa harajin VAT na kashi 7.5, wanda ya kama kusan naira 840,000. Ka ga VAT ɗin da ba wanda ya tuna da shi ya fi kuɗin fiton da kowa ke tsoro. Jimlar abin da za a biya ta banki ta kai kusan naira miliyan 1 da dubu 545, wato wajen kashi 15 na darajar kayan, alhali an shigo da tunanin kashi 5. Abubuwa biyu kan sauya wannan adadi. Wasu kayan aikin gona an yafe musu VAT, don haka dole a tabbatar ko lambar kayan tana cikin waɗanda aka yafe wa. Sannan dokar Kwastan ta 2023 ta zo da cajin kashi 4 na FOB, wanda aka fara karɓa a watan Fabrairun 2025, aka dakatar, aka sake taso da shi daga baya. Inda ake karɓarsa, a misalinmu naira 360,000 ne. Saboda haka a tambayi abin da ke aiki a makon da ake lissafin.

Biyan Kwastan ba shi ne fitar da kaya ba. Kamfanin jirgi yana da cajinsa na gida, masu kula da tasha suna da nasu na sauke kaya da ajiya, ga ladan ejan mai lasisi da zai shigar da bayanan kaya ya tsaya a duba su. Kafin ma a ɗora kayan a Sin, sai an buɗe Fom M ta banki, wanda ke bukatar lambar biyan haraji, an samo takardar SONCAP in kayan suna cikin waɗanda hukumar kula da ingancin kaya ke sa wa ido, bayan an ɗora su kuma Kwastan su fitar da PAAR, takardar da ke nuna daraja da lambar da suka amince da su. Mu ba banki da takardu naira 150,000, tasha da kamfanin jirgi da ejan 900,000, mota daga Legas zuwa Kano, tafiyar kusan kilomita dubu, 600,000, sai 100,000 na lodi da saukewa da kaiwa Dambatta. An samu miliyan 1 da dubu 750. Idan aka haɗa komai, an kashe kusan naira miliyan 13 da dubu 800. Injin da aka gani a waya a naira 90,000 ya tsaya a 138,000. In huɗu sun iso a fashe ko sun ƙi tashi, sauran 96 ne za su ɗauki nauyin, kowanne ya doshi 144,000, kuma ba wanda za a mayar wa da matattun. Da wannan adadin ake zuwa Sabon Gari a yi ciniki.

Wani zai ce duk wannan wahalar da kai ce, tunda akwai masu kago a Guangzhou da ke karɓar kaya su kawo har Kano a kan kuɗi ɗaya, kilo kaza ko CBM kaza, har da fito. Gaskiya ne, kuma ga mai kwali biyar ko goma wannan hanyar ta fi, domin kuɗin takardu da na ejan ba sa raguwa don kaya sun yi kaɗan. Amma lissafin bai ɓace ba, an dunƙule shi ne a cikin farashi ɗaya. Sai an tambaya: da canjin wace rana za a biya, ranar lodi ko ranar isowa? Ina za a karɓi kayan, Legas ko Kano? Wa ke da asara idan sun lalace? Kuma takardun fiton ba da sunan mai kayan suke ba, don haka idan jami'an Kwastan suka tare mota a hanya suka ga an rage darajar kwantenar, kayan kowa ne za su kwana a hannunsu.

Hujja ta biyu ta fi haɗari, ita ce ta ejan da ke cewa a bar masa komai, ya san yadda zai yi ya rage. Hanyar ragewar ba ta wuce biyu ba: a rage darajar kaya a takarda, ko a ba su lambar da ba tasu ba. Idan aka gano, za a nemi cikon kuɗin, wani lokaci da tara, kuma duk ranar da kaya suka ƙara a tasha bayan kwanakin kyauta kuɗin ajiya na hauhawa. Araha ba ta ado. Alamar ejan na ƙwarai ita ce ya rubuta maka ƙiyasi layi-layi, ya ware abin da ke zuwa asusun gwamnati, wanda za ka ga takardar tantancewarsa da rasit na banki, daga cajin tasha, daga ladansa shi kansa. Wanda ya ba ka adadi ɗaya dunƙule ya ƙi warwarewa, ba ka da hanyar sanin ko tsada ya yi maka ko kuwa gwamnati ya shirya cuta da sunanka.

Akwai kuma masu cewa ƙiyasi ba shi da amfani a ƙasar da canji ba ya kwana wuri ɗaya. Suna da abin kafa hujja: dalar da Kwastan ke lissafi da ita ba ta kai naira 500 ba kafin Yunin 2023, amma a Fabrairun 2024 ta haura 1,400. Sai dai wannan dalili ne na yin lissafin sau biyu. Kuɗin kaya da aka riga aka tura ya wuce, abin da canji zai taɓa shi ne wanda ba a biya ba tukuna. A misalinmu, duk ƙarin naira 100 a kan dala yana ƙara wa kuɗin Kwastan kimanin naira 103,000, da wasu 90,000 in ba a biya jirgi ba. A yi lissafi da canjin yau, a sake yi da wanda ya ɗara shi, a ajiye bambancin a asusu. Haka batun lokaci. Daga biyan kuɗi zuwa isowar kaya Kano ta ruwa, wata biyu zuwa uku ba abin mamaki ba ne, kuma masana'antun Sin kan rufe na makonni saboda bikin sabuwar shekararsu a Janairu ko Fabrairu. Injin da aka yi niyyar dasa tumatir da shi a Nuwamba, in ya iso a Maris, manomi ya riga ya biya hayar wani ko ya rasa kakar.

Idan bayan an haɗa duk wannan bambancin da ke tsakanin naira 144,000 da farashin dila a Kano bai wuce kashi goma cikin ɗari ba, shawarata a saya a Kano, inda za a tayar da injin a gabanka kuma akwai wanda za ka koma wa. Idan tazarar tana da faɗi, a yi odar, amma kada ma'ajin ƙungiya ya tura ko sisi sai yana riƙe da takardar farashi mai nuna FOB ce ko EXW, da girman kwali da yawansu, da lambar kayan a jadawalin haraji, da rubutaccen ƙiyasi daga ejan biyu da ba su san juna ba.