Azumin asibiti ba shi da sahur

Idan likita ya ce wa mutum ya zo da azumi ranar tiyata, abin da ke faɗo masa a rai shi ne na watan Ramadan. Sai ya tashi da asuba ya sha koko da ƙosai, ya iso asibiti da ƙarfe takwas, a ce masa an ɗage aikin.

Dalilin ɗagewar yana da nauyi. Allurar barci tana kashe tarin da ke tsare maƙogwaro, don haka abin da ke cikin tumbi zai iya tasowa ya gangara huhu, ya haddasa ciwo mai tsanani. Shi ya sa ake barin abinci awa 6 kafin aiki, ko awa 8 idan mai maiƙo ne. Ruwa zalla kuwa yawanci ana iya sha har saura awa 2. Koko, kunu, fura da shayi mai madara duk abinci ne a lissafin asibiti.

Wanda za a duba wa babban hanji da na'ura mai kyamara yana da ƙarin aiki, wato wankin hanji. A ce an ba shi Alhamis da ƙarfe 11 na safe. Tun Litinin zai bar wake, zogale, kuɓewa, gyaɗa da duk abu mai ƙwaya ko ɓawo, ya koma farar shinkafa, farin burodi, ƙwai da kifi. Ranar Laraba ruwa kawai zai sha, da baƙin shayi da romon da aka tace. Ban da zoɓo, domin jansa yana kama da jini a idon kyamara.

Idan maganin mai lita 4 aka ba shi, zai raba shi biyu: lita 2 da ƙarfe 6 na yammacin Laraba, kofi ɗaya kowane minti 15, sauran kuma da ƙarfe 5 na asubar Alhamis. Daga ƙarfe 9 ba ya sa komai a baki. Mutane da yawa suna barin rabin na biyu saboda sun ga zawo ya fara, alhali shi ne ke kammala wanke hanjin. Alamar an shirya ita ce abin da ke fita ya zama ruwa garau, ruwan ɗorawa kamar fitsari. Idan har yanzu da kauri ko duhu, a faɗa wa ma'aikaciyar jinya, domin ƙaramin tsiro zai iya ɓuya a ƙarƙashin dattin.

Mai ciwon sukari, mai ciwon ƙoda da mai shan maganin tsinka jini su nuna wa likita magungunansu tun ranar da aka sa musu rana. Ƙwayar ƙarin jini ma ana dakatar da ita wajen mako guda, saboda tana baƙanta hanji. Idan takardar asibitinka ta ba da wasu lokuta daban, ita za ka bi, kuma ka sa a karanta maka ita kafin ka bar wurin.