Yaƙin Duniya na Ɗaya a Sakin Layi Guda: Yadda Ake Amsa Gajeriyar Tambayar Tarihi

A jarrabawar tarihi akwai tambayar da ba ta neman dogon rubutu, amma takan kayar da ɗalibai masu ƙwazo. Ga irinta: "Bayyana dalili ɗaya da ya haddasa Yaƙin Duniya na Ɗaya." Layi shida ko takwas sun isa amsa ta. Sai ka ga ɗalibi ya haddace shekaru da sunaye, ya zuba su duka a takarda, amma makin da ya samu bai wuce rabi ba. Ba ilimi ya rasa ba. Ya faɗi abin da ya faru ne, alhali an tambaye shi abin da ya jawo shi.

Maganin wannan shi ne gina amsa a kan abu uku: batu, shaida, sai bayani. Kamar a gaban alƙali ne. Ka faɗi da'awarka, ka kawo shaida, sannan ka nuna yadda shaidar ta tabbatar da da'awar. Wanda ya tsaya a na biyu bai gama shari'arsa ba.

Batu jimla ɗaya ce da ke amsa tambayar kai tsaye. Masana tarihi sukan ambaci dalilai da dama na yaƙin 1914: ƙawancen manyan ƙasashe, tseren tara makamai, rububin mallakar ƙasashe a Afirka da Asiya, da kishin ƙabila a yankin Balkan. Tunda ɗaya aka tambaya, ɗaya za a ɗauka. Kuma rubuta kalmar "ƙawance" kawai bai zama batu ba, kan magana ne. Batu sai ya ɗauki matsayi: "Ƙawancen manyan ƙasashen Turai ya mayar da rikicin ƙasashe biyu yaƙin nahiya baki ɗaya." Wannan jimla ta faɗi dalilin, ta kuma faɗi aikin da ya yi. Duk abin da zai biyo baya ita zai yi wa hidima.

Shaida kuwa abu ce takamaimai da za a iya dubawa a littafi: suna, shekara, yarjejeniya ko wani lamari da ya auku. A nan ɗalibi na da abin zaɓa. A 1879 Jamus da Ostiriya-Hungari suka ƙulla ƙawancen kare juna, Italiya ta shiga a 1882. A 1894 Faransa da Rasha suka kammala nasu. Birtaniya ta sasanta da Faransa a 1904, da Rasha a 1907. Biyu daga cikin waɗannan sun wadatar. Abin lura shi ne shaidar ta dace da batun. Jirgin yaƙin Birtaniya mai suna Dreadnought, wanda aka ƙaddamar a 1906, shaida ce mai ƙarfi, amma ta tseren makamai ce. In ta shigo sakin layin ƙawance, ta zama baƙuwar da ba a gayyata ba.

Bayani shi ne inda amsa ke tashi ko ta faɗi. Cewa an ƙulla ƙawance a 1894 bai nuna dalilin ɓarkewar yaƙi shekara ashirin bayan haka ba. Dole a nuna yadda wannan ya kai ga wancan, mataki bayan mataki. Dabara mai sauƙi ita ce ɗalibi ya tambayi kansa bayan kowace jimla: "To, sai me?" Jamus na ƙawance da Ostiriya. To, sai me? Sai Ostiriya ta samu ƙarfin gwiwar matsa wa Sabiya. To, sai me? Sai Rasha, mai ganin kanta uwar ɗakin Sabiya, ta soma tara sojoji. Haka za a yi ta bi har a iso ga yaƙin da tambayar ke magana a kai.

Bari mu ga amsa iri biyu. Ta farko, wadda malamai suka saba gani:

"An yi Yaƙin Duniya na Ɗaya saboda ƙawance. Akwai Jamus da Ostiriya-Hungari da Italiya. Akwai kuma Birtaniya da Faransa da Rasha. An kashe Yarima Franz Ferdinand a Sarayebo, sai aka fara yaƙi."

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, amma jimlolin ba su riƙe juna ba. Kalmar "sai" ta ƙarshe ta haɗiye duk aikin da aka nemi ɗalibin ya yi. Ga ta biyu:

"Dalili ɗaya shi ne ƙawancen manyan ƙasashe, wanda ya mayar da rikicin Ostiriya-Hungari da Sabiya yaƙin Turai baki ɗaya. Tun 1879 Jamus ke ƙawance da Ostiriya-Hungari, Faransa da Rasha kuma tun 1894. Bayan kisan Yarima Franz Ferdinand ranar 28 ga Yuni 1914, Jamus ta tabbatar wa Ostiriya cikakken goyon baya, abin da ya ba ta ƙarfin shelanta yaƙi a kan Sabiya ranar 28 ga Yuli. Da Rasha ta soma tara sojoji don kare Sabiya, Jamus ta san cewa yaƙi da Rasha na nufin yaƙi da Faransa ma. Saboda haka ta shelanta yaƙi a kan Rasha ranar 1 ga Agusta, a kan Faransa ranar 3 ga wata. Ta haka alkawuran da aka yi don kare juna suka jawo ƙasashen cikin yaƙi ɗaya bayan ɗaya."

Jimlar farko batu ce, ta biyu shaida, sauran kuma bayani ne da ke tafe da ranakunsa. A lura da kalmomin da suka ɗaure amsar: "abin da ya ba ta", "saboda haka", "ta haka". Ɗalibi na iya auna aikinsa da su. In ya duba amsarsa ya ga "sai" da "sannan" da "daga nan" kaɗai, labari ya bayar. In ya ga "domin" da "saboda haka", kuma kowanne na haɗa abu biyu na gaskiya, ya yi bayani.

Akwai kuskure biyu da suka fi yawa a wannan tambaya. Na farko shi ne tsayawa a kan kisan Sarayebo kamar shi kaɗai ne dalili. Ba laifi a zaɓe shi, amma nauyin bayani ya ƙaru. Turai ta tsallake rikicin Maroko a 1905 da 1911, da na Bosniya a 1908, ba tare da manyan ƙasashe sun gwabza ba. Wanda ya ce harsashin Gavrilo Princip ne ya jawo yaƙin, sai ya nuna abin da ya sa wannan karon ya bambanta, kuma hakan zai mayar da shi kan goyon bayan da Jamus ta ba Ostiriya.

Na biyu shi ne wuce gona da iri. Wasu kan rubuta cewa ƙawance ya tilasta wa kowace ƙasa shiga yaƙi. Ba haka ba ne. Italiya ta ƙi bin ƙawayenta a 1914, a 1915 ma ta koma ɗaya ɓangaren. Birtaniya kuwa sasantawar da ta yi da Faransa da Rasha ba alkawarin yaƙi ba ce. Ta shiga ne ranar 4 ga Agusta, bayan Jamus ta kutsa Beljiyam, ƙasar da yarjejeniyar Landan ta 1839 ta tabbatar mata matsayin 'yar ba-ruwana. Don haka gara a rubuta "ya jawo" ko "ya faɗaɗa rikicin" da a rubuta "ya tilasta".

Mai shirin jarrabawa zai fi cin riba in ya daina haddace jerin dalilai zalla. Ya ware wa kowane dalili shaida biyu da ya tabbatar da su, ya gwada rubuta bayanin da agogo a gabansa. In shekara ta kwanta masa, ya ambaci lamarin da sunansa ya wuce, kada ya yi kame-kame. Idan lokaci ya ƙure a zauren jarrabawa, shaida ta biyu za a bari, ba bayani ba, domin shi ne ɓangaren da ke amsa tambayar.