Shago cike da kaya, aljihu ba kuɗi: lissafi biyu da ke kayar da ɗalibai a jarrabawar akanta

A jarrabawar JAMB ana ba ɗalibi tambayoyi 180 ya amsa cikin awa biyu, wato daƙiƙa arba'in ga kowace tambaya. Wanda ya zaɓi darasin akanta yana da tambayoyi 40 a cikinsu, kowacce da amsoshi huɗu, A zuwa D. A irin wannan takarda ta canki-canka, ko ta JAMB ce ko ta WAEC ko NECO, akan haɗu da sunaye biyu a kan allon kwamfuta ko a takarda: current ratio da quick ratio. Na biyun kuma akan rubuta shi acid test ratio. Lissafinsu bai wuce rabawa ɗaya ba, amma ɗalibai masu ƙoƙari suna asarar maki a kansu, domin sun haddace ƙa'ida ba tare da sun san abin da ake aunawa ba.

Abin da ake aunawa shi ne: idan masu bin ɗan kasuwa bashi suka zo ƙofar shagonsa, zai iya sallamarsu a kan lokaci? Riba wani abu ne daban. Mutum yana iya cin riba a littafi, amma ranar biya ya rasa abin da zai miƙa.

Ma'aunin farko yana ɗaukar duk dukiyar da ake sa ran za ta koma kuɗi cikin shekara guda, wato hajar da ke shago, da bashin da ake bin masu saye, da abin da aka biya tun kafin lokacinsa, da kuɗin banki da na hannu. Sai a raba jimillar da bashin da dole a biya cikin shekarar. Ma'auni na biyu ya fi tsanani: yana cire haja tukuna, saboda sai an sami mai saye kafin ta zama kuɗi, kuma mai sayen ma yana iya ɗauka bashi. Ga yadda ake rubuta su:

current ratio = current assets ÷ current liabilities
quick ratio = (current assets − stock) ÷ current liabilities

Mu ɗauki misali irin wanda mai tsara tambaya zai iya kawowa. Wani mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ya rufe littafinsa a ƙarshen shekara. Yana da haja ta naira 600,000. Yana bin 'yan sari 250,000. Ya biya hayar shago ta watannin gaba 50,000, kuma akwai 100,000 a banki. Dilolin da suka ba shi kaya suna bin sa 400,000, ga albashin yara da kuɗin wuta da bai biya ba, 100,000. Yana da motar ɗaukar kaya ta 2,000,000, da rancen banki na 1,000,000 wanda sai bayan shekara biyar zai biya.

Dukiyarsa mai juyawa ta kama 1,000,000, bashinsa na kusa kuma 500,000. Ma'aunin farko ya ba da 2:1, wato kowace naira ɗaya da ake bin sa yana da naira biyu a gabanta. Yanzu dubi amsoshin da za a jera tare da wannan. Ba a zaɓo su da ka ba. Kowacce sakamakon wani kuskure ne da aka san ɗalibai na yi. Wanda ya haɗa motar cikin lissafi zai sami 6:1, kuma zai tarar da 6:1 tana jiransa a allo, sai ya ji daɗi ya danna. Wanda ya sa rancen shekara biyar cikin bashin kusa zai sami 0.67:1. Wanda ya kifar da ƙa'idar zai sami 0.5:1. Saboda haka ganin amsarka a cikin huɗun ba shaida ba ce cewa ka yi daidai. Aikin gaske yana wajen tace jerin: wane abu ne na cikin shekara, wane ne na dogon zango.

Idan aka zo ma'auni na biyu sai labarin mai atamfa ya canza. A cire haja, saura 400,000 a kan bashin 500,000, wato 0.8:1. Akwai littattafan da ke cire hayar da aka biya a gaba ma, kuma ina ganin hujjarsu ta fi ƙarfi, tunda ba wanda zai biya dila da rasit ɗin haya. Da haka sai a sami 350,000 a kan 500,000, wato 0.7:1. A ɗakin jarrabawa, ka lissafa duka biyun ka duba wacce aka sa a jerin. Idan har an sa su tare, ka bi ma'anar da littafin manhajarku ya bayar, don haka ka duba ta tun kana gida.

Tazarar da ke tsakanin 2:1 da 0.7:1 ita ce ainihin saƙon. Littattafan makaranta suna ɗaukar 2:1 a matsayin mizani ga na farko, 1:1 ga na biyu. Mutuminmu ya cika na farko cif, ya faɗi a na biyu. Kashi 60 cikin 100 na dukiyarsa mai juyawa yana jibge a kan kanta. In yayin atamfar ya wuce, ko kasuwa ta mutu bayan Sallah, kobo 70 kawai yake da shi a gaban kowace naira, kuma yawancin wannan ma yana hannun 'yan sari. Duk tambayar da ta ba ka ma'aunin farko mai kyau da na biyu mai rauni, ta ce me wannan ke nunawa, amsarta ita ce kuɗi sun maƙale a haja. Kada kuma a ɗauka yawan adadi kullum alheri ne. Wanda ke da 5:1 wataƙila ya bar kuɗi zaune ba sa aiki, ko ya yi sakaci da karɓo bashinsa.

Tambayoyin da suka fi wuya su ne masu cewa wane tasiri wata hulɗa za ta yi. A ce mai atamfa ya kwashe 100,000 ɗin banki ya ƙaro kaya. Jimillar dukiyarsa mai juyawa tana nan 1,000,000, ma'aunin farko bai motsa ba. Na biyu kuwa ya sauko daga 0.7 zuwa 0.5, domin kuɗi sun koma haja.

A ce kuma da wannan 100,000 ɗin dila ya biya. Dukiya ta koma 900,000, bashi 400,000, ma'aunin farko ya hau zuwa 2.25:1. Na biyu ya zama 250,000 a kan 400,000, wato ya sauka zuwa 0.625:1. Biya ɗaya ya ɗaga wannan ya sauke wancan. Dalili shi ne, idan aka cire adadi ɗaya daga sama da ƙasa, ma'aunin da ya haura 1 ƙaruwa yake yi, wanda bai kai 1 ba kuma raguwa yake yi. Da wannan dabarar ce wasu kamfanoni ke gyara fuskar littafinsu dab da rufe shekara, su biya bashi don adadin ya yi kyau a idon banki, alhali asusunsu ya koma fanko.

Sauran tarkunan ƙanana ne, amma suna cin maki. Idan an ba da hajar farkon shekara da ta ƙarshe, ta ƙarshe ake ɗauka. Idan an ware wani kaso na bashin da ake shakkar dawowarsa, a rage shi daga abin da ake bin masu saye kafin a haɗa. Idan kuma ɗan kasuwar ya ciri fiye da abin da ke asusunsa, abin da tambaya za ta kira bank overdraft, to wannan adadin bashi ne na kusa, ƙasan layi yake shiga, ko da an jera shi kusa da kuɗin hannu.