Shin Ko Kun San? Amsar Kuskure Ma Tana da Asali

Shin ko kun san cewa gogaggen malamin lissafi yakan gane inda ɗalibi ya rikice daga amsar ƙarshe kaɗai, tun bai bi layukan aikin ba? Dabarar ita ce kafin ya ɗauki jan biro, ya fara lissafa amsoshin kuskure da kansa ya ajiye a gefe. Mu ɗauki jinga mai lambobi biyar: 9, 2, 14, 4, 6. Jimillarsu 35, don haka matsakaici 7 ne. In aka jera su daga ƙarami zuwa babba, 2, 4, 6, 9, 14, midiyan, wato lambar da ta faɗo tsakiya, 6 ce.

To, shin ko kun san wanda ya rubuta 14 a matsayin midiyan ya san ma'anarta sarai? Jerawa ce bai yi ba, ya cafko ta tsakiya yadda aka ba shi su. Wanda ya fi shi ban tausayi shi ne mai rubuta 3. Ku duba, babu 3 a cikin lambobin ma. Ya haddace (n+1)/2, ya samu 3, ya tsaya nan, alhali abin da ƙa'idar ke gaya masa shi ne ya je gurbi na uku ya ɗauko abin da ke zaune a wurin.

A ma'aunin bazuwa, wanda ake wa alamar σ, nan ake yin ta. Tazarar kowace lamba daga 7 ita ce 2, −5, 7, −3, −1. In aka ninka kowace da kanta a samu 4, 25, 49, 9, 1, jimilla 88. A raba da 5 ya ba da 17.6, a ɗauki rut ɗinsa, amsa kusan 4.20.

Shin ko kun san wanda ya kawo 0 bai yi kuskuren tarawa ko ɗaya ba? Tazarorin ya haɗa ba tare da ya ninka su ba, kuma jimillarsu sifiri ce a kowane irin lambobi, domin na sama da matsakaici suna cinye na ƙasa. Mai 3.6 ya zubar da alamar ragi ne ya raba 18 da 5, ya auna wani abu dabam. Mai 17.6 kuwa ya zo har bakin ƙofa, rut kawai ya manta.

Sai mai 4.69, wanda a ganina aka fi zalunta wajen maki. Shin ko kun san amsarsa na iya zama daidai? Ya raba 88 da 4 ne maimakon 5, wato da n−1, ya samu 22, ya ɗauki rut. Wannan shi ne gyaran da ake jingina wa Friedrich Bessel, masanin taurari ɗan Jamus, kuma shi ake so idan lambobin samfuri ne da aka tsakuro daga babban taro, domin rabawa da n yakan rage kiyasin bazuwar. Kalkuleta na nuna duka biyun, σx da sx, haka ma Excel yana da STDEV.P da STDEV.S. Idan tambayar ba ta faɗi ko samfuri ne ko dukan jama'ar ba, gyaran na mai tambaya ne, kuma bai kamata yaro ya rasa maki a kai ba.

Gajeriyar hanyar nan ta Σx²/n − x̄² ita ma tana da raminta. Ninka kowace lamba da kanta sannan a tara yana ba da 333, a raba da 5 a samu 66.6, a cire 49 ya dawo 17.6 ɗinmu. Amma ɗalibin da ya fara tarawa kafin ya ninka zai samu 1225, ya raba da 5, ya cire 49, ya ɗauki rut, ya ƙare da 14 cif, har ya ji daɗin amsa ta fito ba ɗigo. Shin ko kun san ana kama wannan da kallo ɗaya? Ma'aunin da aka raba da n ba ya taɓa wuce rabin tazarar da ke tsakanin babbar lamba da ƙarama. A nan tazarar 12 ce, ke nan duk amsar da ta haura 6 a koma a bi layukanta.

Wannan ne amfanin raba makin hanya da makin amsa, kamar yadda ake yi a tsarin makin jarrabawar WAEC. Mai 17.6 ya cancanci kusan duk makin hanya, mai 0 kuwa sai an sake zama da shi.

Na ƙarshe na malamai ne. Shin ko kun san lambobi irin 2, 4, 6, 8, 10 ba su dace da jinga ba? Matsakaici 6, midiyan 6, kuma sun zo a jere. Wanda ya rikita su biyun da wanda bai san ana jerawa ba duk za su ci maki cikakke, malam ya wuce darasi na gaba bai sani ba.