Hoton Kod da Saƙon “Kunna Wannan”: Me Za Ka Fara Yi?

Masu koyon rubuta manhaja sun saba da irin wannan saƙo: aboki ya ɗauko hoton allon kwamfutarsa ya turo ta waya, ya ce “kunna wannan”. Matsalar ita ce kwamfuta ba ta aiki da hoto. Dole wani ya sake buga rubutun harafi bayan harafi, kuma a nan ne ɓarna ke shigowa.

Ga misalin abin da hoton zai iya ƙunsa:

```python
total = 0
for l in range(1, 11):
    total += l
print(total)
```

Da farko ka gano yaren. Layin `for` da ya ƙare da ɗigo biyu, da kuma `range`, alamun Python ne. Da `console.log` ka gani, JavaScript ke nan. Idan kuwa an rubuta `print total` babu baka, to tsohon Python 2 ne, wanda aka daina kula da shi a 2020, kuma Python 3 zai ƙi shi da `SyntaxError`.

Sai haruffa masu kama da juna. A salon rubutu da yawa, ƙaramin `l` da lamba `1` da babban `I` kamar an tsaga kara suke, haka ma sifili `0` da harafin `O`. Idan ka buga `total = O`, abin ya zo da sauƙi, domin Python zai tsaya ya ce `NameError`, ya nuna maka layin.

Wanda ya fi haɗari shi ne kuskuren da ba ya ƙara. Kod ɗin nan yana tara lambobi daga 1 zuwa 10, amsarsa 55. Amma idan ka ɗauki `l` na layi na uku a matsayin `1`, kwamfuta za ta ƙara ɗaya sau goma, ta ba ka 10 ba tare da wani ƙorafi ba. Tazarar farkon layi ma tana da nata aikin: ka tura `print` ciki daidai da layi na uku, sai ka sami layuka goma maimakon ɗaya.

Shi ya sa ya kamata ka tambayi mai saƙon tun kafin ka taɓa madannai: “Wace amsa kake sa ran gani?” Idan ya ce 55 kai kuma ka sami 10, ka san inda za ka duba. Ka kuma tambaye shi ko hoton ya yanke wasu layuka a sama ko a gefe.

Kada ka kunna abin da ba ka karanta ba. Umarni irin `rm -rf` yana goge fayiloli ba tare da neman izini ba. Mafi sauƙi dai, ka roƙe shi ya turo kod ɗin a rubuce ko a fayil, domin hakan yana kawar da rikicin haruffa gaba ɗaya.